Shirya hoton ƙirƙirarriyar basira domin bugawa a kwali da leda

Shirya hoton da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana domin ɗab'i shi ne aikin da ake yi wa hoton kafin a miƙa shi maɗaba'a, don ya fito a jikin kwali ko sitika ko leda da kaifi da launi kusa da yadda aka gan shi a fuskar waya. Aikin ya shafi masu ƙananan sana'o'i a Sakkwato da ke ƙulla kilishi da yaji da garin kunu, domin da yawa cikinsu kan kai wa mai zane hoton da suka samar a waya, su ce shi za a buga. Matsalar ita ce an yi waɗannan hotuna ne domin allo, kuma abin da ya ishi allo sau da yawa ba ya isar takarda.

Yawan fiksel da girman bugu

Kowane hoto na kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma manhajoji da dama kan fitar da hoto mai fiksel 1024 a faɗi da 1024 a tsawo, ko 1024 da 1536. A waya wannan ya wadatar, saboda allon ƙarami ne. A maɗaba'a kuwa, ƙa'idar da aka saba da ita ga abin da ake riƙewa a hannu ita ce fiksel 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga. Asalin adadin shi ne injin ofset, wanda maɗaba'u ke yin babban bugu da shi, kan jera ɗigon tawada kimanin layi 150 a inci a kan takarda mai sheƙi, kuma ana son fiksel ya ninka wannan adadi sau biyu. Da wannan lissafi, hoto mai faɗin 1024 bai wuce inci 3.4 ba, wato kimanin santimita 8.7.

Misali, a ɗauki mai kilishi da ke son kwali mai fuskar santimita 15 da 20. Dole a ƙara milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka ba ta faɗa daidai kan layi a kullum, idan kuma ba a bar wannan rara ba sai farin zare ya bayyana a bakin kwalin. Girman ya koma santimita 15.6 da 20.6, wanda ke buƙatar fiksel 1843 da 2433. Hoton da ke hannunsa na 1024 da 1536 ne. Idan aka shimfiɗa shi ya cika faɗin, kowane inci zai samu fiksel 167 kacal, sai zaren naman da barbashin ƙuliƙulin su fito a dushe. Sauya lambar fiksel a inci daga 72 zuwa 300 a cikin Photoshop ko CorelDRAW ba ya ƙara wa hoton komai, domin lambar nan bayani ce kawai a kan girman da za a buga. Adadin fiksel shi ne abin dubawa.

Iyakar ƙara girma

Hanyoyin ƙara girma iri biyu ne. Tsohuwar hanya, irin su Bicubic da Lanczos, tana cike gurbin da ke tsakanin fiksel biyu da matsakaicin launinsu, don haka hoton yakan girma ya kuma yi laushi. Sabuwar hanya, irin ta Real-ESRGAN da Topaz Gigapixel, tana ƙaga abin da take zaton ya kamata ya kasance a wurin. A misalin kwalin kilishi, ninki biyu zai ba da 2048 da 3072, wato fiksel 333 a inci, kuma wannan ya isa har a yanke rarar tsawon.

Daga ninki biyu zuwa huɗu ne lahani ke fara yawa. Nama yakan yi santsi kamar roba, ƙwayar hatsi takan rikiɗe ta zama wani zane mai maimaita kansa, gefen abubuwa kuma yakan samu farin layi. Duk kuskuren da ke cikin hoton tun farko, kamar yatsa na shida ko rubutun da ba na kowane harshe ba, ƙara fitowa yake yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buga wani yanki na hoton a ainihin girmansa, a riƙe shi a tazarar da mai saye zai riƙe kwalin. Idan ana buƙatar fiye da ninki huɗu, ya fi kyau a sake samar da hoton da girma, ko a ɗauki kayan da kyamara. Ga abinci ma wannan ya fi zama adalci ga mai saye, tunda abin da ke ciki ake nuna masa.

Sunan kaya da lambar NAFDAC da ranar lalacewa da lambar nan mai zane-zane da ake haskawa a kanti, ba a barin su cikin hoton ko kaɗan. Ana rubuta su daban a manhajar zane, a matsayin layukan da ba sa dushewa komai girmansu, kuma ƙananan baƙaƙe da baƙar tawada kaɗai, wato K 100.

Launi

Allo yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, kuma hotunan manhajojin nan kusan duk suna bin ma'aunin sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Injin ɗab'i yana aiki da tawada huɗu, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, wato CMYK, waɗanda ba sa iya kai wa ga wasu launukan allo, musamman shuɗi mai haske da kore shar da ruwan lemo mai ƙyalli. Jan kilishin da ke walƙiya a waya kan koma ja mai duhu, shuɗi kuma kan karkata zuwa shunayya.

Bayanin launi, wato fayil ɗin ICC, shi ke faɗa wa kwamfuta yadda wani inji da wata takarda ke fitar da launi. FOGRA39 da FOGRA51 na takarda mai sheƙi ne a injin ofset, kuma mai maɗaba'a ne ya kamata ya faɗi wanda yake aiki da shi. Idan hoton ya zo ba bayanin launi, sai a fara ɗora masa sRGB a Photoshop ta hanyar umarnin Assign Profile, a gama duk gyara da ƙara girma, a duba wuraren da tawada ba za ta kai ba da Gamut Warning, sannan a juya shi sau ɗaya da Convert to Profile. A duba jimillar tawada a wurare masu duhu, wato kason tawada huɗun idan aka haɗa su, kada ta wuce abin da takardar ke ɗauka, wanda a takarda mai sheƙi yakan kasance kashi 300 zuwa 330 cikin ɗari. Idan ta wuce, bugun ba ya bushewa da wuri, kuma yakan shafi bayan takardar da ke samansa. Fayil ɗin ƙarshe akan fitar da shi a PDF/X-1a ko PDF/X-4.

Leda da kwali mai ruwan ƙasa suna da nasu hukunci. Tawada ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, saboda haka a leda mai nuna ciki sai an shimfiɗa farar tawada kafin launi ya tsaya. Injin fileso da ake buga leda da shi ba ya riƙe ɗigo ƙanana sosai, don haka inuwar da ke narkewa a hankali zuwa fari, wadda hotunan manhaja suka cika da ita, takan yanke da layi bayyananne. Mai aiki daga Sakkwato da zai tura babban bugu Kano ko Legas ya kamata ya nemi samfuri a kan ainihin ledar ko kwalin, ya duba shi da hasken rana a inuwa, ya sa hannu a kansa kafin a haɗa farantin da injin zai buga da shi.