Dabarar sassautawa wajen lissafin boltej tsakanin ƙarafa masu ɗaukar lantarki

Dabarar sassautawa hanya ce ta lissafi da ake nemo boltej da ita a kowane wuri na sararin da ke tsakanin ƙarafa masu ɗaukar lantarki, idan an san boltej ɗin da ke jikin kowane ƙarfe. Ana shimfiɗa raga a kan sararin, a ba kowace mahaɗa ta ragar wani adadi na farko, sannan a riƙa maye gurbin adadin kowace mahaɗa da matsakaicin na maƙwabtanta huɗu, a yi ta maimaitawa har alƙaluman su zauna. Masu karatun fiziks da injiniyan lantarki, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kan haɗu da ita a darasin filin lantarki, domin ƙarafa kaɗan ne siffarsu ke bari a fitar da amsa da aljabara zalla. Rubuta dabarar ba ya cin layi goma. Inda aikin yake shi ne sanin lokacin da ya kamata a tsaya.

Tushenta

A sararin da babu caji, boltej yana bin ƙa'idar Laplace:

`∂²V/∂x² + ∂²V/∂y² = 0`

Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce boltej ba ya yin tudu ko kwari a tsakiyar fili. Kamar fatar ganga ce da aka ɗaure a bakin da ba daidai yake ba, wani gefen ya ɗaga, wani ya sauka: fatar za ta miƙe sumul tsakanin gefunan, kuma mafi tsawo da mafi ƙasa duk a bakin suke. Idan tazarar da ke tsakanin mahaɗu ɗaya ce a tsaye da a kwance, ƙa'idar tana komawa haka:

`V(i,j) = [V(i+1,j) + V(i-1,j) + V(i,j+1) + V(i,j-1)] / 4`

Mahaɗun da suka faɗo a jikin ƙarfe ba a taɓa su, boltej ɗinsu a kafe yake.

Akwai salo biyu na tafiyar da zagayen. A salon Jacobi, wanda ya samo asali daga aikin Carl Jacobi na 1845, ana lissafa sabbin adadai duka daga tsofaffi, sai an kai ƙarshen zagaye a musanya. A salon Gauss da Seidel kuwa, da zarar an sami sabon adadi ake amfani da shi a mahaɗa ta gaba. Gauss ya bayyana irin wannan lissafi a wata wasiƙa a 1823, Seidel ya buga nasa a 1874, Liebmann kuma ya yi amfani da shi kan ƙa'idar Laplace a 1918. Injiniyan Birtaniya Richard Southwell ne ya yaɗa sunan sassautawa a shekarun 1930 da 1940, lokacin da ake yin aikin da fensir da takarda.

Misali da hannu

A ɗauki dogon kwaroron ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa daidai da tsayinsa. Gindinsa da gefunansa biyu an haɗa su da ƙasa, wato bolt 0. Murfinsa bai taɓa gefunan ba, an ba shi bolt 100. A raba kowane gefe gida uku, sai a sami mahaɗu huɗu a ciki: `a` da `b` a layin sama kusa da murfi, `c` a ƙarƙashin `a`, `d` a ƙarƙashin `b`. A fara da sifili a dukkansu, a bi salon Gauss da Seidel.

Maƙwabtan `a` su ne murfi mai 100, gefe mai 0, da `b` da `c` waɗanda har yanzu sifili ne, don haka `a` ta zama 25. Ita `b` tana ganin murfi da sabuwar `a`, sai ta zama 31.25. Haka `c` ta sami 6.25, `d` kuma 9.375. A zagaye na biyu `a` ta hau zuwa 34.375, a na uku ta kai 36.719.

Wannan ƙaramar raga ana iya warware ta kai tsaye, tunda hagu da dama iri ɗaya ne: `a` da `b` 37.5, `c` da `d` 12.5. Da amsar a hannu, ana iya ganin yadda kuskuren `a` ke tafiya. Bayan zagayen farko 12.5 ne, bayan na biyu 3.125, bayan na uku 0.781. Daga zagaye na biyu, kowane zagaye yana barin kashi ɗaya cikin huɗu na kuskuren da ya tarar. Wannan kaso da ke ragewa, wanda ake rubutawa `ρ`, shi ne ke yanke saurin dabarar gaba ɗaya.

Abin da ke jawo jinkiri

A ragar da aka raba kowane gefenta gida `N`, salon Jacobi yana da `ρ = cos(π/N)`, na Gauss da Seidel kuma `ρ = cos²(π/N)`. A misalin sama `N` uku ne, shi ya sa aka sami 0.25. To amma idan `N` ya kai 100, `ρ` na Gauss da Seidel yana wajen 0.999. Wato kowane zagaye kashi ɗaya cikin dubu kawai yake cirewa daga kuskuren. Kafin kuskure ya ragu ninki dubu, sai an yi zagaye kusan 7,000, salon Jacobi kuma kusan 14,000. Idan aka ninka yawan gidajen gefe sau biyu, zagayen da ake buƙata ya ninka sau huɗu, ga shi kowane zagaye ma ya ƙara nauyi sau huɗu.

Dalilin a fili yake. Mahaɗa ba ta jin labarin kowa sai na maƙwabcinta na kusa. Kuskure mai tsalle-tsalle, inda wannan mahaɗa ta yi sama waccan ta yi ƙasa, yana gogewa cikin 'yan zagaye kaɗan. Kuskure mai faɗi, wanda ya sa tsakiyar fili gaba ɗaya ta yi ƙasa da inda ya kamata, shi ne mai taurin kai, domin kowace mahaɗa tana kusan daidai da maƙwabtanta alhali dukkansu a kan kuskure suke.

Maganin da David Young da Stanley Frankel suka fitar, kowa da kansa, a 1950 shi ne a riƙa zarce gyaran da gangan. Maimakon a kai mahaɗa daidai kan matsakaici, sai a ninka gyaran da wani adadi `ω` da ke tsakanin 1 da 2. Ga fili mai kusurwa huɗu daidai, mafi kyawunsa shi ne `ω = 2/(1 + sin(π/N))`. Idan `N` 100 ne, `ω` yana wajen 1.94, kuma aikin zagaye 7,000 ɗin nan yakan ƙare a ɗari da 'yan kai. Idan `ω` ya kai 2 ko ya wuce, alƙaluman ba za su zauna ba. Ga shirin a Python, inda `w` shi ne `ω`, `kafe` ke nuna mahaɗun da ke jikin ƙarfe, `juriya` kuma kuskure mafi girma da aka yarda a bari:

```python
for k in range(iyaka):
    babba = 0.0
    for i in range(1, N):
        for j in range(1, N):
            if kafe[i][j]: continue
            r = V[i+1][j] + V[i-1][j] + V[i][j+1] + V[i][j-1] - 4*V[i][j]
            V[i][j] += w*r/4
            babba = max(babba, abs(r))
    if babba*N*N/8 < juriya: break
```

Ƙa'idar tsayawa

Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce a tsaya idan canji mafi girma tsakanin zagaye biyu ya faɗi ƙasa da wani ɗan adadi, misali bolt 0.001. A ƙaramar raga ba ta da laifi. A babbar raga kuwa yaudara ce, domin ƙanƙantar canji ba ta nuna an iso, tana iya nuna tafiyar ce ta koma ta hawainiya. Idan canjin zagayen ƙarshe `δ` ne, sauran canje-canjen da ba a yi ba tukuna za su kasance `δρ`, sai `δρ²`, da sauransu, kuma jimillarsu ita ce kuskuren da ya rage:

`kuskure ≈ δ·ρ/(1 − ρ)`

A gwada da misalin hannu. Daga zagaye na biyu zuwa na uku `a` ta canja da 2.344. A ninka da 0.25, a raba da 0.75, a sami 0.781, daidai da kuskuren da aka gani. A nan kuskuren ya fi canjin ƙanƙanta. Amma idan `ρ` 0.999 ne, kuskuren ya ninka canjin sau dubu, don haka wanda ya tsaya a 0.001 yana iya barin kusan bolt guda a tsakiyar fili.

Masu yin aikin a Excel sun fi faɗawa wannan rami. Ana rubuta `=AVERAGE(B1,A2,C2,B3)` a gidan `B2`, a ja shi ya cika fili, a kunna `Enable iterative calculation`. Saitin da manhajar ta zo da shi shi ne `Maximum Iterations` 100 da `Maximum Change` 0.001. Allon zai cika da alƙaluma masu kyan gani, launukan ma su jeru, alhali lissafin bai kai rabin hanya ba. Danna `F9` a ga ko tsakiya na ci gaba da hawa shi ne gwaji mafi arha.

Ba dole a san `ρ` tun farko ba. A salon Jacobi ko na Gauss da Seidel, bayan an yi nisa, a raba canjin wannan zagaye da na wanda ya gabace shi. Idan sakamakon ya tsaya a adadi ɗaya, shi ne `ρ`. Wannan awo ba abin dogaro ba ne idan ana zarce gyara da `ω` kusa da mafi kyawunsa, domin a lokacin canjin yana hawa yana sauka. A nan gara a duba giɓi, wato `r` na cikin shirin sama, wanda ke auna yadda mahaɗa ta saɓa wa ƙa'idar. Shi ma ba a ɗaukarsa tsirara. A fili mai kusurwa huɗu daidai, kuskure ba ya wuce giɓi mafi girma idan an ninka shi da `N²/8`, wato sau 1,250 idan `N` 100 ne. Layin ƙarshe na shirin abin da yake aunawa ke nan, kodayake ya fi tsafta a sake lissafa giɓin bayan an kammala zagaye. Ana kuma sa iyakar yawan zagaye, domin idan juriyar da aka nema ta fi ƙarfin alƙaluman kwamfuta, shirin ba zai taɓa tsayawa ba.

Kwaroron nan yana da wani ma'auni na kyauta. Idan aka juya murfin zuwa kowane gefe cikin huɗun aka tara amsoshin, an sami akwatin da duk bangonsa bolt 100, wanda cikinsa ma 100 ne ko'ina. Tunda tsakiyar fili ba ta bambanta gefe da gefe, rabonta daga kowane murfi bolt 25 ne cif. Shirin da aka fara da sifili ya tsaya tsakiya tana nuna 24.1, da wuri ya tsaya. Idan kuma amsar ƙarshe ta nuna wata mahaɗa sama da 100 ko ƙasa da 0, matsalar a rubutun shirin take.

Kuskuren raga

Ko da lissafin ya zauna sarai, amsar ragar ce aka samu, ba ta ainihin kwaroro ba. A wurin da `a` take, cikakkiyar amsa wajen bolt 38.1 ce, ragar gida uku kuwa ta ba da 37.5, a wurin `c` wajen 11.9 ce maimakon 12.5. Zagaye miliyan ba zai rufe wannan tazara ba, sai an ƙara matse raga. Inda boltej ke tafiya sumul, raba tazarar mahaɗu gida biyu yana rage wannan kuskure ninki huɗu. Kusa da kaifin ƙarfe da ya kutso cikin fili, ko kusurwar da murfi mai 100 ya kusanci gefe mai 0, raguwar ba ta kai haka ba. Saboda haka akan warware matsalar a raga biyu, ta gida 50 da ta gida 100 misali, a kwatanta wurare ɗaya. Idan sun bambanta da bolt 0.05, neman juriyar kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ɓata cajin kwamfuta ne kawai. Juriyar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan bambanci ta wadatar. Amsar ƙaramar ragar kuma ana iya shimfiɗa ta a kan babbar a matsayin mafari maimakon sifili, wanda ke kawar da mafi yawan kuskure mai faɗi tun kafin zagayen farko.