Raba jari tsakanin riba da haɗari: yadda lissafin Markowitz yake

Ina da naira miliyan ɗaya, ga hannun jari iri biyu a gabana. Da wane lissafi zan san nawa zan zuba a kowanne?

Da wanda masanin tattalin arziki Harry Markowitz ya fito da shi a 1952, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1990. Kowane hannun jari ana ba shi lamba biyu: ribar da ake sa rai a shekara, da tangaɗinsa, wato nisan da ribar kan yi sama ko ƙasa da abin da aka zata. Wannan tangaɗin shi ake nufi da haɗari.

Mu ƙaddara na farko ribarsa 10 cikin ɗari, tangaɗinsa 10, na biyu riba 20, tangaɗi 20, kuma tashin ɗaya ko faɗuwarsa ba ruwansa da ɗayan. Kason na farko `x`, na biyu `y`:

```
riba = 10x + 20y
haɗari² = 100x² + 400y²
x + y = 1
```

Mai tsoro zai ce a zuba duka a na farko. To gwada dubu 800 a na farko, dubu 200 a na biyu, wato `x` ya zama 0.8, `y` kuma 0.2. Layin haɗari ya ba da 64 da 16, jimilla 80, tangaɗi ya zama lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 80, wato kusan 8.9, riba kuma 12. Ka ga riba ta ƙaru, haɗari ya ragu, domin ranar da ɗaya ya faɗi ba dole ɗayan ya bi shi ba. In ka nace sai riba 15, sai ka raba daidai wa daida, tangaɗi ya hau 11.2.

Me ya sa ake ce wa wannan lissafi kwadiratik?

Saboda a layin haɗari kaso yana ninka kansa, sauran layukan kuwa tarawa ce kawai. Aikin shi ne a matse haɗari iya matsewa ba tare da an karya sharuɗɗa ba: kuɗin su cika cif, riba ta kai yadda ka yanka, kada wani kaso ya gaza sifili. Da iri biyu takarda ta isa. Da talatin sai kwamfuta.

A ina yake kuskure?

A lambobin da ka ba shi. Ribar gobe hasashe ce daga farashin baya, kuma ɗan canji a cikinta kan juya rabon gaba ɗaya. In ka ga ya jibge kuɗin a kamfani biyu ko uku, yi shakka. Shi ya sa ake ƙara sharaɗi, misali kada wani ya wuce kashi 20.

Sai zancen "ba ruwan ɗaya da ɗaya", wanda ni shi na fi tsoro. Lokacin rikici irin na 2008 hannayen jari tare suke zubewa. Da namu biyun tare suke tashi tare suke faɗuwa sak, rabon nan na dubu 800 da dubu 200 tangaɗinsa 12 zai zama, ba 8.9 ba.