Kafin ka sayi mota don hanya mai gargada, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta

Jama'a, mai bin hanyar gari da ke cike da ramuka kullum yakan tsaya tsakanin motoci uku: salun mai but a baya, hacbak mai yankakken baya, da ƙaramar jif. Yawanci sai a ce jif ce magani, a rufe magana. Ba haka abin yake kai tsaye ba. Yawancin ƙananan jif na yanzu a kan ƙashin hacbak aka gina su, aka ɗan ɗaga su sama, kuma tayoyin gaba kaɗai ke jan su. Abin da zai raba maka gardama yana ƙasan motar.

Fara da tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Salun da hacbak galibi suna tsakanin santimita 13 zuwa 17, ƙaramar jif kuwa kusan 17 zuwa 21. Sai dai wannan awon, mafi yawan lokuta, na motar da ba kowa a cikinta ne. Da zarar mutum biyar sun shiga, an cika but da kaya, sifirin zai lotsa, motar ta sauka da santimita biyu ko uku. Abin da ke fara taɓa ƙasa kuwa shi ne salansa, ko kaskon da baƙin mai yake taruwa a ƙasan inji. Idan dutse ya fasa kaskon nan, man zai tsiyaye. Direban da ya ga jar fitilar mai ta kama ya ci gaba da tafiya, injin gaba ɗaya zai rasa.

Tsawon mota ma yana da nasa hukuncin, kuma a nan hacbak ke cin riba. Tayoyinta na gaba da na baya suna kusa da juna, don haka kafin cikinta ya kai kan tudun rage gudu, tayar baya ta riga ta fara ɗaga ta. Salun mai dogon ciki takan zauna a kan tudun, ka ji ƙuuu a tsakiya. Bayanta da ya zarce taya sosai kuma yakan share ƙasa idan tana fitowa daga kwari.

Yanzu ga wurin da masu saye suka fi yin sake, wato taya. Duba rubutun da ke gefenta. A ce ga salun mai taya `195/65 R15`, ga kuma jif mai `215/50 R18`. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma tana nuna tsayin gefen tayar, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗin, ta bayan R kuwa girman wili ce a inci. Kashi 65 na 195 ya ba da kusan milimita 127. Kashi 50 na 215 ya ba da kusan 108. Ka ga salun ɗin ta fi jif ɗin kaurin roba da kusan santimita biyu, kuma robar nan ce ke fara shanye dukan rami kafin ya kai ga shokozoba da bayan mai tuƙi. Babban wili mai siririyar taya ado ne kawai, rami ba ya duba ado. Shi ne ke jawo lanƙwashewar wili da ƙululu a gefen taya, kuma tayar da ta yi ƙululu zarenta na ciki ya tsinke, tana iya fashewa ana cikin gudu. Canza ta ake yi, ba a yi mata faci.

A nawa ganin, idan ramukan hanyarka ƙanana ne masu yawa, hacbak ko salun mai kaurin taya ta wadatar, ga sauƙin mai. Idan kuwa ruwa ya zaizaye hanyar, akwai kwazazzabai da duwatsu a tsaye, kuma kana ɗaukar iyali kullum, ƙaramar jif ta cancanci kuɗinta, amma ka zaɓi mai ƙaramin wili. Ka kuma sani tsayinta na sa ta fi karkata idan ka fizgi sitiyari don kauce wa rami, saboda haka ba ta ba ka izinin ƙara gudu ba.

Ranar gwaji, kada ka yarda a zagaya da kai kan kwalta mai santsi. Ɗauki mutanen da ka saba ɗauka, ka bi irin hanyarka, ka kashe rediyo. Ƙarar ƙwas-ƙwas daga gaba alama ce ta bushin ko bol joyin da suka ci. Idan motar ta ci gaba da lilo bayan ta sauka daga tudu, shokozoba ta mutu. Daga nan a ɗaga ta a gareji, bakanike ya duba ko akwai sabon karce a salansa ko danshin mai a jikin kaskon.