Sa hannun dijital a fayil ɗin PDF

Sa hannun dijital wani hatimi ne na lissafi da ake sakawa cikin fayil ɗin PDF domin ya nuna mai sa hannun, ya kuma tona duk wani canji da aka yi bayansa. Ya sha bamban da hoton sa hannu da ake liƙawa a shafi, wanda kowa zai iya kwafa.

Mai sa hannu yana da mabuɗai biyu: na sirri da ke wurinsa shi kaɗai, da na fili da kowa zai iya gani. Manhaja tana bi ta kan bayit-bayit na fayil ɗin, wato ƙananan gutsattsarin bayanan da suka haɗa shi, da tsarin lissafi irin su SHA-256, ta fitar da gajeriyar lamba mai bayit 32, tamkar zanen yatsan fayil ɗin. Ko harafi ɗaya aka sauya, lambar za ta canza gaba ɗaya. Ita ake hatimcewa da mabuɗin sirri. Mai karɓa kuma manhajarsa ta sake lissafa lambar, ta gwada hatimin da mabuɗin fili. In ba su dace ba, an taɓa fayil ɗin.

Sunan mai sa hannu yana cikin satifiket samfurin X.509, wanda wata hukumar tantancewa ta bayar don shaida cewa mabuɗin na wane ne. Kowa na iya ƙirƙirar wa kansa satifiket da sunan da ya ga dama, shi ya sa manhaja ke yin gargaɗi idan ba ta san hukumar ba. Haka nan idan an sace mabuɗin sirri, hatimin ɓarawo zai ci gaba da wucewa har sai an soke satifiket ɗin.

Inda aka fi ruɗewa shi ne iyakar abin da hatimin ya rufe. Fayil ɗin da kansa yana faɗin wannan iyaka:

```
/ByteRange [0 50000 66000 4000]
```

Wato an lissafa bayit 50,000 daga farko, an tsallake gurbin bayit 16,000 inda sa hannun yake zaune, sannan an ɗora da bayit 4,000. Tsawon fayil ɗin ranar sa hannu ke nan 70,000. Tsarin PDF kuwa ya yarda a ƙara abu a ƙarshen fayil ba tare da goge na baya ba, ta haka ne ma mutum na biyu ke sa nasa hannun. To idan yau fayil ɗin ya kai 75,000, bayit 5,000 sun shigo daga baya, hatimin farko bai rufe su ba, alhali lissafinsa yana nan daidai. Manhaja ce za ta tantance ko ƙarin halastacce ne, kamar cike gurbin fom, ko kuwa an rufe adadin kuɗi da wani sabo. A 2019 masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna cewa ana iya yaudarar yawancin manhajojin da suka gwada su amince da fayil da aka sauya. Saboda haka a takarda mai muhimmanci, kamar yarjejeniya, ya kamata a buɗe bayanin sa hannun, a nemi ganin ainihin sigar da aka hatimce, a kwatanta ta da abin da ke kan allo.