Cak Ɗin da Ya Dawo: Abin da Doka Ke Yi wa Wanda Ya Rubuta Shi

Idan aka ce cak ya dawo, ana nufin an kai shi banki, bankin ya ƙi biya domin kuɗin da ke cikin asusun bai kai abin da aka rubuta ba. A Kamaru da Cadi ƙa'ida ɗaya ce ke aiki, wadda aka kafa a 2003 aka sabunta a 2016, ta CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen tsakiyar Afirka.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi faɗawa shi ne cak mai kwanan wata na gaba. A ce wani a Garwa ya ɗauki shinkafa ta sefa miliyan 3, ya rubuta cak ya sa ƙarshen wata, da yarjejeniyar baki cewa a dakata. Doka ba ta san wannan dakatawar ba. Ranar da aka miƙa cak ita ce ranar biyansa, ko da kwanan da ke jiki bai zo ba. Mai shinkafa ya matsu, ya kai shi banki ran 10 ga wata, aka tarar sefa 1,200,000 ne a asusun. Yana da ikon karɓar abin da ya samu, ragowar 1,800,000 kuma ta zama abin da aka gaza biya.

Daga nan banki zai aiko wa mai asusun wasiƙar umarni: ya mayar da littattafan cak da ke hannunsa, har na sauran bankuna, ya kuma daina rubuta cak. Sunansa zai shiga rajistar da BEAC, babban bankin ƙasashen CEMAC, ke riƙewa, wadda bankuna ke dubawa, saboda haka ƙaura zuwa wani banki a Marwa ko Njamena ba ta fitar da shi. Haramcin yana kai shekara 5. Mafita ita ce ya gaggauta cike asusun ko ya biya mai kayan, ya karɓo cak ɗin da shaidar biya ya kai bankinsa. Kwana 30 na farko su ne mafi sauƙi.

In bai biya ba, mai shinkafa zai karɓi takardar shaidar rashin biya daga banki, ma'aikacin kotu ya isar da ita, a buga mata hatimin zartarwa. Da ita ake riƙe asusu ko kayan shago, ba tare da doguwar shari'a ba.

Ga kuma laifi. Sashe na 253 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya ɗora wa bayar da cak babu kuɗi hukuncin sashe na 318: ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1. Kwashe kuɗin bayan an ba da cak, ko hana banki biya saboda saɓani kan kaya, duk cikin laifin suke. Ana dakatar da cak ne a kan dalilai irin su ɓata ko sata. Mai kayan da ya karɓa yana sane babu kuɗi, ƙa'idar CEMAC na hukunta shi ma.