Ma'anar Tambayar Fashin Baƙin Alƙaluma da Yadda Ake Tsara Ta

Tambayar fashin baƙin alƙaluma ita ce wadda ake ajiye wa ɗalibi jadawali ko zanen alƙaluma a gabansa, sannan a nemi ya ciro amsa daga cikinsu ta hanyar karantawa da lissafi da kwatantawa. Ɗaliban darasin tattalin arziki sun san ta a takarda ta biyu ta jarrabawar WAEC, kuma malaman labarin ƙasa suna yin ta da alƙaluman ruwan sama ko na yawan jama'a. Hanyar gwada ta mai sauƙi ce: malami ya rufe jadawalin da tafin hannunsa, ya sake karanta tambayar. Idan har za ta amsu a haka, to tambayar hadda ce, jadawalin kuwa ado kawai aka yi da shi.

Mu ɗauki ƙidayar jama'ar Nijeriya. A 1963 an samu kimanin mutum miliyan 55.7, a 1991 miliyan 89.0, a 2006 kuma miliyan 140.4. Layi uku ne kacal, amma sun ishi malami ya gina tambaya mai hawa-hawa, muddin ya sa wa jadawalin take, ya nuna cewa alƙaluman na miliyoyi ne, ya kuma faɗi inda ya samo su.

Hawan farko na karatu ne, kamar a ce ɗalibi ya faɗi yawan jama'a a 1991. Maki ɗaya ya ishe shi, kuma amfaninsa shi ne ɗalibi mai rauni ya samu wurin dafawa.

Hawa na biyu na lissafi ne: da kashi nawa cikin ɗari jama'a ta ƙaru tsakanin 1991 da 2006? Ƙarin miliyan 51.4 ne, idan aka raba shi da 89.0 aka ninka da 100, za a samu kashi 57.8. A nan wajibi ne malami ya warware lissafin da kansa kafin ya buga takarda, ya ware maki ga hanya, ya ware ga amsa. Ya kamata kuma ya san kuskuren da zai fi yawa. Duk takardar da ya ga 36.6 a cikinta, mai ita ya raba da 140.4 ne, wato ya ɗauki shekarar ƙarshe a matsayin tushe. Wannan ɗalibin ya iya ragewa da rabawa, tushen ne ya ɓace masa, don haka bai cancanci sifili ba.

Hawa na uku ne zuciyar aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A tambayi ɗalibi: a wane zango ne, bisa jadawalin, jama'a ta fi saurin ƙaruwa? Daga 1963 zuwa 1991 ƙarin ya kai kashi 59.8, daga 1991 zuwa 2006 kuwa kashi 57.8, saboda haka mai gaggawa zai ce zangon farko. Sai dai zangon farko shekara 28 ne, na biyu kuwa 15. Idan aka raba ƙarin da shekarun, na farko yana ba da kusan mutum miliyan 1.2 a shekara, na biyu kusan miliyan 3.4. Wanda ya lura da tazarar shekarun shi ne ya karanta jadawalin da gaske. Irin wannan tarko halal ne a ganina, tunda duk abin da ake buƙata don kauce masa yana kan takarda. Abin da bai halatta ba shi ne malami ya mayar da alƙaluman zanen layi, ya jera shekarun uku da tazara iri ɗaya a layin kwance, domin zanen zai rage tsinin hawan na biyu, ɗalibi ya faɗa ramin da malamin ya haƙa bisa kuskure.

Akwai kuma iyakar da alƙaluma ba sa ƙetarewa. Wannan jadawali bai ce komai ba game da haihuwa ko mutuwa ko ƙaura, don haka kuskure ne a rubuta "bisa jadawalin, kawo dalilan ƙaruwar jama'a". Idan dalilai ake so, a ce "ba da dalilai biyu da ka iya jawo wannan ƙari", ɗalibi ya san daga iliminsa zai ɗebo. Ga 'yan ajin ƙarshe, ana iya tambayar me zai sa a yi taka-tsantsan da wannan kwatancen. Ƙidayar 1963 ta sha suka kan zargin aringizon alƙaluma, ta 1973 kuwa soke ta aka yi. Idan adadin 1963 ya zarce gaskiya, ƙarin zangon farko zai fito ƙasa da yadda yake a zahiri, kuma ɗalibin da ya rubuta haka ya cancanci cikakken makin wannan sashe.