Bashin jari: yadda za ka san nawa ake binka da ranar da za a zo karɓa

Tambaya: Na karɓi bashin N200,000 a wani ƙaramin banki don ƙara kaya a shagon tireda, sun ce ruwa kashi 5 ne kawai, amma da na haɗa lissafi sai na ga N250,000 zan biya. Cutata aka yi?

Ba lallai cuta ba ce, kashi 5 ɗin na kowane wata ne, kuma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya suke ɗora shi. Kashi 5 na 200,000 shi ne 10,000, in bashin na wata biyar ne ya zama 50,000, shi ya sa ka ga 250,000. Abin da ke ciwo a nan shi ne ko ka biya rabin bashin ruwan ba ya raguwa, har watan ƙarshe 10,000 ɗin nan suke caja kamar ba ka biya ko sisi ba. Akwai wani tsarin da ruwan ke bin ragowar bashi. A can in kana rage 40,000 duk wata, ruwan zai zama 10,000, sai 8,000, 6,000, 4,000, 2,000, jimla 30,000. Duka biyun "kashi 5" za a ce maka, amma tsakaninsu akwai 20,000.

Sannan ka duba alat ɗin ranar da kuɗin suka shigo. In sun cire kuɗin fom da inshora, a ce 10,000, to 190,000 ka karɓa, ke nan 60,000 bashin ya ci maka ba 50,000 ba. Ni shawarata kafin ka sa hannu tambaya biyu ta isa: nawa zai shigo hannuna, nawa zan biya gaba ɗaya?

Tambaya: To me zan rubuta a littafi? Ni dai a ka nake riƙewa.

Kai ba ya riƙe bashi uku malam. Ka sayi littafi daban da na ciniki, kowane bashi shafinsa. A sama ka sa sunan mai binka, ranar karɓa, abin da ya shigo hannu, jimlar biya da kuma tarar da suke ci in an makara. A ƙasa sai ka jera ranakun biya duka tun ranar farko, in sati 20 ne layi 20, kowane layi 12,500, duk wanda ka biya ka soke shi ka rubuta saura, ka ajiye rasit ko hoton alat. Kar ka manta da kayan da dila ya ba ka bashi da zubin adashe, su ma ranar biya gare su ai, kuma su ne mutane suka fi mantawa sai su haɗu da na banki a sati ɗaya. Ka sa waya ta tuna maka saura kwana uku, ba ranar ba. Kuma ka riƙa ware wajen 2,100 kullum daga ciniki, kwana shida ka haɗa na satin.

Tambaya: Ya zan gane na fara faɗawa rami?

Da riba za ka auna, ba da ciniki ba. A ce ribar shagonka 18,000 ce a sati, ka cire 12,500 saura 5,500, in cefanen gida ya wuce haka to daga jari kake ci, za ka ga kantar shagon tana ramewa alhali ciniki bai ragu ba. Sai wani sati kasuwa ta yi sanyi ka buɗe manhajar bashi a waya ka ciri 12,500 ka toshe, a ce su kuma 15,000 suke so bayan sati biyu. Ranar tana zuwa 27,500 ke kanka, riba kuwa tana nan a 18,000, sai ka nemi manhaja ta biyu. Duk ranar da ka ci bashi don biyan bashi ba don sayo kaya ba, ka shiga ramin. Ka tsaya a nan, ka je wurin jami'in bankin kafin ranar ta zo ka nemi a tsawaita maka, kuma a rubuce, sannan ka fara kashe wanda ruwansa ya fi zafi.

Tambaya: In na ƙi biya na canja banki fa?

A Najeriya BVN ɗinka ɗaya ne. Tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke binka damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin in ka sa hannu a takardar amincewa da hakan lokacin karɓar bashi. Sunanka kuma zai shiga wurin masu ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, gobe ka nemi wani a hana ka.

Tambaya: Ni nawa murabaha ne, ba ruwa a ciki. Sai na rubuta?

Hajiya ki rubuta. A murabaha banki ne ke sayo kaya ya sayar miki da ribarsa, farashin ba ya canjawa tunda an yanke shi ranar ciniki, amma ranakun biya suna nan, kuma daga ribar shagon za su fito. Ki raba jimlar da yawan watannin, ki gwada da ribar watan da kasuwa ta fi mutuwa a shekara.